Wasan da Yake Jirana Idan Inna Ta Kira

A gidanmu na Gumel ba a ce wa Inna "ina zuwa". Idan ta kira, amsawa da miƙewa tare suke, ko da loma ce a hannunki. Haka na taso na tarar, kuma ban taɓa jin wanda ya zaunar da ni ya karanta mini dokar ba. Yayana shi kaɗai yake iya cewa "ina zuwa" daga ɗakinsa na zaure, ya kuma ɗauki lokacin da ya ga dama, ba wanda zai ce masa komai. Ni kuwa auta ce, kuma ni kaɗai ce 'ya mace a gidan.

A shekarar da nake son ba da labarinta, hawan jini ya taɓa wa Inna ɓarin jikinta na hagu. Bakinta ya dawo daidai da wuri, alhamdu lillahi, amma ƙafa da hannu sun ƙi. Sai kiran nata ya sauya nauyi. A da in ta kira, gishiri take so a miƙo mata ko a kore kaji daga shanya. Yanzu kuwa so take a tayar da ita zaune, ko a juya ta domin gefen ya gaji, ko a riƙe ta zuwa bayan gida. Yaya yana ɗaukarta cak ya sa a adaidaita ranar zuwa asibiti, ba ya ƙyashin wannan. Amma abin da ya shafi zane da buta da wanka, nawa ne.

Ina koyarwa a wata firamare a Gagarawa Tasha. Da sassafe nake shiga motar haya, wata gwaggonmu da ke maƙwabtaka ta zauna da Inna har in dawo. A mota ba a maganar taɓa waya, domin a matse muke kamar an ɗaure dami, kuma in na kalli rubutu mota tana tafiya sai kaina ya juya. In na dawo akwai wanki da girki da duba littattafan yara. Bayan isha'i kuwa ko addu'ar barci da ƙyar nake kai ƙarshenta. Abin da yake nawa ni kaɗai a yinin nan shi ne ɗan tsakanin da ke bayan sallar la'asar kafin in ɗora tukunyar tuwo, lokacin da Inna takan ɗan runtsa, inuwar bishiyar darbejiya ta kai bakin rijiya. Wani lokaci rabin awa ne, wani lokaci bai kai ba.

A wannan ɗan tsakanin nake yin wasa a waya. Na san yadda maganar take sauka a kunnen wasu, malamar makaranta guda da buga gem. Irin wanda nake so shi ne wanda za a ba ki mutum ki zama shi, ki bi gari-gari kina magana da mutane, kina tara abokan tafiya, kina faɗa da dodanni, labari yana buɗewa a hankali. Tun ina yarinya nake son tatsuniya, kuma kullum ina jin haushin yadda ba a barin mai sauraro ya leƙa bayan gidan da aka ambata ya ga me ke can. A irin wannan wasan ana bari.

Yaya ne ya koya mini. Shi aikinsa ranar Alhamis ne, yana bin kawunmu kasuwar dabbobi ta Maigatari, sai ɗan shirye-shiryen da ke gabaninta. Sauran kwanakin mako nasa ne da abokansa, suna zaune a benci a ƙofar gida kowa ya sunkuyar da kai a kan waya. Da ya ga ina leƙe, sai ya tura mini wanda ya fi ƙauna.

"Wannan shi ne wasa," in ji shi. "Duk wanda bai gama wannan ba, bai fara ba. Awa tamanin na ci a cikinsa."

Ban yi tunanin abin da awa tamanin take nufi ga mai rabin awa ba. Kiɗan farkon wasan ne ya tafi da ni, da wani gari da aka gina a bakin teku, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin damina girma ba.

Abu na farko da ya fara cin ƙarfina shi ne wanda su Yaya suke kira girandin. Labari yana tafiya daɗi-daɗi sai ki iso ga wani babban dodo da ya tare hanya, ya share ki da bugu biyu. Maganinsa kuma ɗaya ne: ki koma daji ki yi ta zagaye, ƙananan halittu suna faɗo miki kina kashewa, iri ɗaya, sau ba adadi, kina tara maki har mutanenki su ƙara mataki, jininsu da ƙarfin bugunsu su ƙaru. Yaya yana yin wannan yana hira yana cin gyaɗa. Ni kuwa sai da na yi mako guda cur ina kashe jemagu a gefen wani kogo, labarin bai matsa ko taku ɗaya ba. Na tashi daga wankin kwanuka iri ɗaya na zo na zauna ina kashe jemagu iri ɗaya. Wata rana na ɗaga kai na ga inuwar darbejiya ta wuce rijiya, na tambayi kaina ko hutawa na yi ko wani aikin na ƙara.

Na jure wannan, domin ina son in ga abin da ke bayan kogon. Abu na biyu ne ya fi zafi. Wasan ba ya barin a adana inda aka tsaya sai a wurare na musamman, inda aka ajiye wata fitila mai shuɗin haske. Ki isa fitila ki adana, duk abin da kika yi ya zauna. In wasan ya rufe kafin ki isa, kin koma fitilar baya, da makin da kayan da kika tsinta duk sun tafi. A cikin gari fitilu suna kusa. A cikin kogon nan kuwa akwai ɗaya a bakinsa, ta gaba tana can ƙurya, kuma tafiyar da ke tsakaninsu, da faɗace-faɗacen da ke tare mutum a hanya, ta fi tsawon barcin Inna.

Wayata kuma ƙarama ce, ƙwaƙwalwarta ba yawa. In na ajiye ta na ɗan jima kaɗan, nakan tarar da wasan yadda na bar shi. In na daɗe, ko kira ya shigo, sai ta rufe shi da kanta. Hidimar Inna kuwa ba ta ɗan jima kaɗan ba ce.

Na shiga kogon nan ya fi a ƙirga. Na haddace kwanarsa, na san inda akwatin magani yake, na san dutsen da ake turawa. Kullum sai na kai wajen wata gada ta igiya, sai in ji, "Auta!" In ce "Na'am," in kife wayar a kan tabarma. In dawo in tarar da kaina a bakin kogo gaban shuɗiyar fitila, kamar ban taɓa shiga ba.

Wata Asabar da hantsi, ba makaranta, an yi ruwa da asuba gari ya yi sanyi, Inna ta samu barci mai nauyi. Na wuce gadar igiya. Na wuce wani ɗaki mai ruwa da ban taɓa gani ba. Mutanena sun ƙara mataki biyu a hanya. Daga nesa, a ƙarshen wani dogon lungu, na hango shuɗin hasken. Sai wasu halittu suka tare ni, faɗa ya buɗe.

"Auta!"

"Na'am, Inna."

Ranar sai da na sauya mata zane da shimfiɗa, na ɗora ruwan zafi, na gasa mata ƙafa. Da na dawo, Yaya yana tsaye a tsakar gida da wayata a hannunsa, ya buɗe wasan. Ya juyo mini fuskarta. Bakin kogo.

"Har yanzu kina nan? Ke, tun kafin a yi shuka kike bakin ramin nan. Gero ya fitar da kai."

"Na kusa fitila ta biyu. Na gan ta da idona."

"To me ya hana ki ƙarasa?"

"Inna ta kira."

"Minti biyar fa! Ki ce mata kina zuwa mana. Sama za ta faɗo?"

"Kai kaɗai kake iya faɗin haka a gidan nan."

Ya yi dariya, ya miƙo mini wayar. Ba da mugunta ya yi maganar da ta biyo baya ba, shi ya sa ma ta fi shiga.

"Malama, gaskiya zan gaya miki. Wasan nan na masu lokaci ne. Ko dai ki koyi cewa ina zuwa, ko ki goge shi ki sa na haɗa 'ya'yan itace kala-kala irin na matan unguwa. Babu na uku."

Na goge shi a gabansa. Ya ɗauka na bi shawararsa ne, har ya ce, "Yauwa, kin huta."

Kwanakin da suka biyo baya, bayan la'asar sai in zauna a bakin rijiya hannu sake. Na gwada karatun littafi, ido ya ƙi, domin tun safe rubutu nake kallo. Na lura na fara amsa kiran Inna da wata murya mai kauri da ba tawa ba, ita ma ta lura. Inna haifaffiyar ƙetaren iyaka ce, har yau makaranta lakwal take ce mata. Ta dube ni wata yamma ta ce, "Yaran lakwal ɗin ne suka ɓata miki rai?" Na ce a'a. Ta ce, "To ina abin nan naki mai kiɗa? Kwana biyu ban ji shi ba." Ashe tana ji daga ɗaki.

A nan na yanke shawara. Ba zan ce wa Inna ina zuwa ba, ko sau ɗaya, domin wata fitila da wani ya dasa a ƙuryar kogo. Kuma ba zan bar wa su Yaya tatsuniyoyin nan ba don kawai su ne masu zaman benci. Wanda ya tsara wancan wasan ya tsara shi ne domin mutumin da ba a kira. Na ce a raina duniyar nan da faɗi, dole akwai wanda ya tuna da irina.

Washegari da na sauka daga mota, maimakon in nufi gida sai na tsallaka titi zuwa shagon wani mai cajin waya da tura finafinai kusa da tasha, inda na san su Yaya suke samo wasanninsu. Maza uku suna zaune a ciki, ɗaya abokin Yaya ne. Na yi sallama, hira ta tsaya.

"Malama, fim za a tura? Akwai sabbin fassara," in ji mai shagon.

"Wasa nake so, Malam. Irin na labari, mai tafiya da faɗa da dodanni."

Abokin Yaya ya ce, "Au, ƙanwarmu ce ta bakin kogo!" Suka kwashe da dariya. Ashe labarina ya riga ni zuwa.

Ban juya ba. Na ce wa mai shagon ina da sharuɗɗa. Ina son wanda mutum zai iya adanawa duk inda ya tsaya. Ina son wanda faɗansa bi da bi ne, in yi nawa bugun dodo ya yi nasa, in ban taɓa komai ba ya tsaya yana jirana. Ba na son wanda sai an yi mako ana kashe jemagu kafin a wuce. Kuma ina son gajere, wanda zan ga ƙarshensa kafin a gama girbi.

"Hajiya, wannan ai ba wasa kike nema ba, ɗan aike kike nema," in ji abokin Yaya.

"Ko ɗan aiken ne, ni zan aike shi, ba kai ba."

Mai shagon ya danne dariyarsa. Ya fara nuna mini wani mai kyawun zane, ya ce wannan shi yake yin faɗan da kansa, kuma komai yana adane ko waya ta mutu. Na tambaye shi ina ƙarshensa. Ya sosa ƙeya ya ce irin waɗannan ba su cika ƙarewa ba, kullum ana ƙaro sabon abu, sai da data, kuma akwai ayyukan kowace rana da in mutum bai shiga ya yi ba za a bar shi a baya. Na ce masa ina da mai kirana a gida, ba na neman na biyu.

Sai ya lalubo wani ƙarami, zanensa ɗigo-ɗigo kamar saƙar hula. Ya ce wanda ya kawo masa ya gama shi a awa goma sha wani abu. Yana da zaɓi tun farko, mai sauƙi ko mai tsanani, kuma a mai sauƙin in kika yi faɗan da ya tare ki a hanya kawai, ƙarfinki zai isa.

"Ana adanawa ko'ina?"

"Ko'ina, ban da tsakiyar faɗa. Amma yana adana kansa duk ƙofar da kika shiga."

Ban yarda da baki ba. Da ya tura mini, na tsaya nan gaban teburinsa na fara, na bi ta ƙofa biyu, na shiga faɗan farko, sai na rufe wasan gaba ɗaya da gangan. Mazan nan uku suka miƙo wuya. Na sake buɗewa. Ga ni a bakin ƙofa ta biyu, taku kaɗan kafin faɗan. Na zaɓi mai sauƙi a gabansu ban ɓoye ba, na ji ɗaya ya ce "Subhanallahi," kamar na ci da hagu.

Labarin wata yarinya ce mai ɗauke da tulu, garinsu rijiyoyi sun ƙafe, ta fita neman inda ruwan ya tafi. Ba zan ce ya kai wancan girma ba. Babu teku, babu kiɗan nan da yake sa tsigar jikina tashi, garuruwansa kaɗan ne, wani lokaci ma nakan ji faɗan ya yi mini arha. Har yau ina tuna garin bakin tekun, ina kuma jin ciwon ban san abin da ke bayan kogon ba. Amma a wannan, duk zaman da na yi sai wani abu ya faru. Yau na haɗu da wani tsoho mai jaki ya zama abokin tafiyata, gobe na gano ƙanin sarkin garin ne ya toshe magudanar ruwan. In na yi kwana uku ban buɗe ba, akwai wurin da yake tuna mini inda na nufa. In Inna ta kira ina cikin tafiya, danna biyu ne na adana, ina miƙewa ina yi. In a faɗa ne, in ajiye kawai. Na fara ba Inna labarin ina matsa mata ƙafa, ta tsani ƙanin sarkin nan kamar ta san shi.

Yaya bai bar ni ba. Duk wucewar da zai yi sai ya leƙo.

"Ana nan ana wasan 'yan firamare? A mai sauƙi kuma! Ke ko kunya. Dodon ma tausayinki yake ji."

"Ya ji. Ni ma ina jin nasa."

"Wallahi in kika gama wannan kada ki ce kin gama wasa. Ba a lissafa shi."

"Wa ya ba ka lissafin?"

Ranar da na kai ƙarshe an fara yankan gero, ana ta shigowa da amalanken shanu ta bayan layinmu. Bayan la'asar ce. Na isa wata babbar ƙofar dutse a ƙarƙashin ƙasa, abokan tafiyata kowa ya yi maganarsa ta bankwana, na gane nan ne. Na adana a bakin ƙofar, na shiga. Yaya ya shigo neman ruwan sha, ya ji kiɗan ya sauya, sai ya tsaya a bayana da kofi a hannu. Dodon wani maciji ne da ya naɗe idon ruwan. Ko a mai sauƙin ya ba ni wuya, mutum biyu daga cikin nawa sun faɗi.

"Ba shi magani! A'a, tsohon, tsohon za ki fara tayarwa. Ke, kare kanki, zai yi feshin nan!"

Wanda ya ce ba a lissafawa ya durƙusa har gwiwarsa tana taɓa tabarmata. Jinin macijin ya rage ɗan siriri.

"Auta!"

"Na'am, Inna."

Na kife wayar na miƙe.

"Ke! Ke! Bugu biyu ya rage fa! Kina da hankali kuwa?"

Ban ko waiwaya ba. Sai ya ɗauki wayar ya ce bari ya ƙarasa mini kafin ta rufe. A nan na tsaya a bakin ƙofar ɗakin Inna, labule a hannuna.

"Yaya, ajiye mini wayata. Ko ta rufe, nawa ne."

Ban taɓa yi masa magana da wannan muryar ba. Ya dube ni, ya dubi wayar, ya mayar da ita kan tabarma a kife yadda na bar ta.

Inna bayan gida take so, daga nan ta ce a goge mata jiki, daga nan ta ce gashinta yana damunta a ɗan taje. Na yi komai a natse, ban gaggauta ko ɗaya ba. Ina tajewa ta ce, "Yarinyar nan ta samo ruwan kuwa?" Na ce saura kaɗan. Ta ce, "To Allah ya ba ta sa'a."

Da na fito rana ta yi ƙasa sosai, lokacin ɗora tukunya ya yi. Yaya yana nan zaune a bakin rijiya, bai koma benci ba. Na ɗauki wayar, ta rufe wasan kamar yadda ta saba.

"Kin gani ko? Ya tafi."

Na hura wuta tukuna, na ɗora ruwan tuwo. Sannan na zauna a kan turmi na buɗe. Ga ni a bakin ƙofar dutse, mutanena duka a tsaye da cikakken jini. Faɗan kawai zan sake, kuma yanzu na san lokacin da macijin yake feshi. Kafin ruwan ya tafasa na kayar da shi. Idon ruwan ya ɓalle, aka nuna rijiyoyin garin suna cika ɗaya bayan ɗaya, yarinyar ta sauke tulunta a ƙofar gidansu, rubutu ya fara hawa sama. Hayaƙin icce yana shiga idona, na bar shi ya zama dalilin hawayen.

Yaya ya miƙe yana kaɗe wando.

"Duk da haka a mai sauƙi kika yi."

"A mai sauƙi na yi. Kuma na gama."

Ya kai bakin zaure, ya tsaya, bai juyo ba ya ce in tura masa in na samu sarari, yana son ya gwada shi a mai tsanani ya ga ko da gaske wasa ne. Na ce sai na gama tuwo. Na leƙa ɗakin Inna na gaya mata ruwa ya dawo garin, ta ce alhamdu lillahi, ta tambaya me aka yi wa ƙanin sarki. Na ce ta bari in zuba gari a tukunya, in zo in ba ta labarin tun daga ƙofar dutse.